Bayanin da na sa a ƙasan bidiyon Excel ya ja wa 'yar maƙwabciyata kunya

Assalamu alaikum Yaya. Ni sakatariya ce a wata makarantar kuɗi a Asawase, nan Kumasi. Na ɗauki bidiyo na minti 40 da Hausa ina koyar da Excel daga tushe saboda 'yan unguwa masu neman aikin ofis: shigar da sunayen yara da kuɗin makaranta, haɗa jimla, jera sunaye, tace waɗanda ba su biya ba, da buga takarda. `VLOOKUP` kuwa, wato fomular nemo bayani daga cikin jadawali, na nuna shi kamar na minti ɗaya. Da zan ɗora a YouTube, ɗan yayata ya ba ni jerin kalmomi ya ce in zuba a wajen bayani don mutane su same ni: `Advanced Excel, VLOOKUP, Pivot Table, Data Analysis, Power BI`, har sau uku. 'Yar maƙwabciyata ta kalla, ta kwashe su ta sa a takardarta ta neman aiki. Aka kira ta a Adum, aka ce ta yi `Pivot Table`, wato jadawalin da ke taƙaita bayanai masu yawa, ta kasa, ta dawo tana kuka. Yanzu uwarta da ƙyar take amsa gaisuwata, masu kallo kuma ba su ƙaru ba. In goge bidiyon ne? In ba haka ba, me zan rubuta?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki goge komai. YouTube yana bari a gyara take da bayani a kowane lokaci, adireshin bidiyon ba ya canzawa, waɗanda kika riga kika tura wa za su ci gaba da buɗe shi. Abin da kika koyar shi ne abin da ake fara tambaya a ƙananan ofisoshi. Rubutun da ke ƙasansa ne ya yi alkawarin da bidiyon bai cika ba, shi za mu sake.

Akwai abin da ya bambanta masu kallonki da masu kallon bidiyon girki ko na ƙwallo. Mai neman aiki yana karanta bayaninki ne da alƙalami a hannu. Sau da yawa bai san sunan abin da ya koya da Turanci ba, don haka duk kalmar da ya gani a ƙasan darasi yana ɗauka ita ce sunan abin da ya iya yanzu, ya kwafe ta ya kai gaban mai ɗaukar aiki. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya da gangan ba, ta yarda da malamarta ne. Saboda haka ma'aunin kowace kalma da za ki rubuta guda ɗaya ne: idan aka zaunar da wanda ya gama kallon bidiyonki gaban kwamfuta, aka buɗe masa fayil ɗin da bai taɓa gani ba, aka ce yi wannan, zai iya ba tare da an kama masa hannu ba? In zai iya, kalmar ta shiga. In ba zai iya ba, ta jira bidiyo na gaba.

Yanzu ina za ki samo kalmomin? Daga tallan aikin kansu. Ki zauna ki tara talla goma na irin aikin da mutanenki ke nema: sakatare, mai karɓar baƙi, mai shigar da bayanai, magatakardan sito, mataimakin akanta. Akwai su a Jobberman, akwai a LinkedIn, akwai waɗanda ake yawo da su a WhatsApp, har da wanda ake mannawa a ƙofar asibiti ko makaranta. Daga kowanne ki kwafo layin da ya yi maganar kwamfuta kawai, ki sa shi a gida ɗaya a Excel, daga `A2` zuwa `A11`. Sai ki ƙirga da wannan:

```
=COUNTIF(A2:A11,"*data entry*")
```

Taurarin nan biyu suna nufin ko me ya zo gaba ko baya, a ƙirga. Ki canza kalmar ki sake: `Excel`, `MS Office`, `record keeping`, `reports`, `inventory`, `pivot`. A ce kin samu `MS Office` a takwas, `Excel` a bakwai, `data entry` a biyar, `record keeping` a huɗu, `pivot` a ɗaya. Lissafinki zai fito daban da wannan, amma za ki ga da idonki irin kalmomin da ofisoshin garin nan ke amfani da su ga ma'aikacin farko, kuma su ne mai neman aiki zai buga a wajen nema bayan ya karanta tallan ya tsorata. Ki ƙara da abu ɗaya: ki buɗe YouTube ki fara rubuta `excel for` ko `koyon excel`, ki tsaya ki duba abin da zai ƙarasa miki da kansa. Waɗannan abubuwa ne da mutane suka riga suka nema.

Daga nan sai ki zauna da jerin a hannu ɗaya, bidiyonki a ɗaya hannun, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin can. Nan ne aikin yake, kuma nan nake so mu daɗe.

Ɗauki `data entry`. Mutane suna ganin ai buga sunaye ne kawai, kowa ya iya. Amma ga abin da ke faruwa a wajen gwaji. An ba yarinya takarda mai sunayen abokan ciniki, da lambar waya, da ranar biya, da kuɗi. Ta buga `0240000000`, ta danna `Enter`, sai sifilin farko ya ɓace, ya koma `240000000`, domin Excel ya ɗauke shi a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya farawa da sifili. Lambobin wayarmu duka da sifili suke farawa, ke nan layin gaba ɗaya ya lalace. Maganin shi ne a mayar da layin `Text` kafin a fara bugawa, ko a sa alamar `'` a gaban lambar. Ta zo kan kwanan wata. Mu a Gana rana muke fara rubutawa sannan wata, amma kwamfutoci da yawa da ake shigowa da su na hannu an saita su a tsarin Amurka, wata kafin rana. Ta buga `3/4/2025` tana nufin 3 ga Afrilu, na'urar ta karanta 4 ga Maris, ba ta ce mata komai ba. Ta buga `25/4/2025`, babu wata na 25, sai ya zauna a gefen hagu na gidan a matsayin rubutu, alhali sauran suna gefen dama. Wanda ya sani, wannan karkatar zuwa hagu kaɗai ta ishe shi ya gane akwai matsala. Sannan kuɗi: yara uku sun biya sidi 450, 450 da 300, ta rubuta na ƙarshen `GHS 300` a cikin gidan. `SUM` ba ya ƙirga rubutu, ya ba ta 900 maimakon 1,200, kuma babu wata alamar kuskure da za ta fito. Idan bidiyonki ya nuna waɗannan ukun, ki rubuta `data entry` da ƙarfin zuciya. Idan bai nuna ba, ki ɗauki ɗan gajeren bidiyo na minti biyar a kansu ki sa adireshinsa a cikin bayanin, domin su ne ke kayar da mutane tun kafin a zo maganar fomula.

Haka `sort`. Jera sunaye daga A zuwa Z abu ne mai sauƙi, haɗarin yana wajen wanda ya zaɓi layin sunaye kaɗai ya jera. Excel yakan fito da gargaɗi ya tambaya ko a faɗaɗa, `Expand the selection`. Wanda bai sani ba ya zaɓi ɗayan, sunaye su motsa, kuɗi su tsaya inda suke, kuɗin wannan ya koma gaban sunan wancan. Ke da ke riƙe da littafin kuɗin makaranta kin san irin rigimar da wannan zai haifa da iyaye. In kin nuna wannan gargaɗin, kalmar taki ce.

To `VLOOKUP` fa, da kika nuna na minti ɗaya? Bai shiga ba. Kafin mutum ya ce ya iya shi, sai ya san cewa abin da yake nema dole ya kasance a layin farko na hagu na jadawalin da ya zaɓa, ya iya ƙirga layin da amsar take, ya san dalilin sa `FALSE` a ƙarshe, ya san ma'anar `#N/A` in ta fito. Wanda ya manta `FALSE` zai iya samun amsa mai kama da gaskiya alhali ta wani ce. Minti ɗaya ba ya ɗaukar wannan. Kuma ga wani abu: sababbin Excel, wato daga na 2021 zuwa sama da Microsoft 365, suna da wata sabuwar fomula mai irin wannan aikin, `XLOOKUP`, amma na 2016 da 2019 ba su da shi, ofisoshi da yawa kuwa tsofaffin suke amfani da su. Wannan duka darasi ne mai zaman kansa. Abin da za ki iya yi shi ne ki ambace shi cikin jimla ta gaskiya, ki ce an leƙa shi ne kawai kuma cikakkensa yana nan tafe. Sauran huɗun da ɗan yayarki ya ba ki a share su gaba ɗaya. `Power BI` ma ba Excel ba ne, wata manhaja ce daban.

Ki yi hankali da `MS Office` duk da cewa shi zai fi yawa a tallan. Idan talla ya ce `Proficiency in MS Office`, ana nufin Word da Excel da PowerPoint, wani lokaci har Outlook. Ke guda ɗaya kika koyar. Kina iya cewa darasin yana taimaka wa wanda ya ga wannan sharaɗin, ta ɓangaren Excel, amma kada ki bar shi tsaye shi kaɗai a jerin abin da mai kallo zai fita da shi.

Bayan tacewar nan za ki ga abin da ya rage bai wuce kalmomi shida ko bakwai ba. Sun isa. Yanzu sai yadda za a jera su.

YouTube yana ba da wurin harafi 100 a take, 5,000 a bayani. Amma mai kallo a waya layi biyu ko uku na farko kawai yake gani kafin ya danna `more`, kuma yawanci ba sa dannawa. Don haka duk abin da ya fi muhimmanci ya hau sama: wane ne darasin ya dace da shi, da wane harshe, me zai iya bayan ya gama. Gaisuwa da godiya da roƙon a bi tasharki su sauka ƙasa. Na san a al'adarmu fara magana ba sallama yana da nauyi, amma sallamarki tana cikin bidiyon da bakinki, mutum zai ji ta da zarar ya buɗe. Ga yadda zan rubuta take da layukan farko:

```
Koyon Excel da Hausa: Excel basics for office jobs (Darasi na 1)

Darasin Microsoft Excel daga tushe, da Hausa, don masu neman aikin
ofis. Za ka koyi data entry, SUM, sort, filter da print a minti 40,
da misalin kuɗin makaranta a sidi. Ba sai ka taɓa buɗe Excel ba.
```

Ki lura da yadda harsunan biyu suka raba aiki. Jimlar Hausa ce, domin mai karatu ya san da shi ake, kuma da harshen da zai gane za a yi masa bayani. Sunayen abubuwan kuwa an bar su yadda suke a jikin Excel da jikin tallan aiki, domin haka zai gan su a allo, haka mai intabiyu zai faɗe su, haka kuma zai buga su a wajen nema. `Koyon Excel da Hausa` yana da wani amfani: babu harafi mai lanƙwasa a ciki. Yawancin mutanenmu ba sa buga ƙ da ɗ da ɓ a waya, musamman a nan zango inda da yawa sun fi jin Hausa a baki fiye da rubuta ta. A cikin jimlolin bayani ki rubuta Hausarki daidai, amma a take ki zaɓi kalmomin da ko an sa lanƙwasa ko ba a sa ba duk ɗaya ne. Kuma tunda da Hausa kika yi, 'yan Najeriya da Nijar ma za su iso gare ki. Ambaton sidi ya sanar da su daga ina misalin ya fito, ba zai kore su ba.

Sai babi-babi, kuma wannan ne wurin da kalmominki za su yi aiki sosai. Idan kika rubuta lokuta a cikin bayanin, YouTube zai yanka bidiyon gida-gida, mutum ya danna ya sauka daidai inda yake so. Sharaɗinsa uku: na farko ya fara da `0:00`, su kai aƙalla uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma kowane babi ya kai daƙiƙa 10. Ki gyara mintocin su dace da naki:

```
0:00 Abin da za a koya
1:30 Data entry: suna, lambar waya, kwanan wata
12:00 Formatting: faɗin layi da alamar kuɗi
18:00 SUM: jimlar kuɗin makaranta
25:00 Sort: jera sunaye
30:00 Filter: waɗanda ba su biya ba
35:30 Print: takarda ɗaya ta A4
```

Amfanin wannan ya wuce sauƙaƙa wa mai kallo. Yana tilasta miki gaskiya, domin kalmar da ba ta da mintin da za ki rubuta a gabanta, kin san ba ta cikin bidiyon. Kuma wanda ke da intabiyu gobe da safe, datarsa ta kusa ƙarewa, ba zai sake kallon minti 40 ba. Zai danna `Filter` ya kalli minti biyar ɗin da yake buƙata ya kwanta.

Bayan babin, ki sa abin da na fi so ki sa, saboda abin da ya faru da yarinyar nan. Tunda dai za su kwafa, ba su abin da za su kwafa wanda ba zai kunyata su ba:

```
Bayan ka gwada da hannunka, za ka iya sa wannan a CV:
Microsoft Excel (basic): data entry, formatting, SUM,
sorting, filtering, printing reports

Ba a koyar da Pivot Table ba. VLOOKUP an leƙa shi ne kawai.
```

Kalmar `basic` ba ta rage wa kowa daraja. Mai ɗaukar ma'aikacin farko ya san ba gwani yake nema ba, albashin da ya ware ma ba na gwani ba ne. Abin da ke ɓata masa rai shi ne ya ga `Advanced` a takarda, ya ɗaga gwajin ya dace da abin da aka rubuta, sannan mutum ya kasa. Daga nan ba ya ƙara yarda da sauran abin da ke takardar, har da wanda gaskiya ne. Da an rubuta `basic`, da gwajin da za a ba ta ya fi kusa da abin da ta iya, ko kuma su ce mata tun farko wannan gurbin ya fi ƙarfinta, ta tafi da mutuncinta.

Layin "ba a koyar ba" kuma kada ki ji tsoronsa. Wanda ya zo neman `Pivot Table` dama ba naki ba ne, gara ya gane tun a bakin ƙofa.

A ƙarshen bayanin ki faɗi abubuwa biyu da masu kallo ke buƙata kuma kusan kowa ke mantawa. Na farko, da wane Excel kika yi, kuma a kwamfuta ne. Da yawa daga cikin mutanenki waya kaɗai gare su, Excel na waya kuwa maɓallansa ba a inda kika nuna suke ba, sai mutum ya yi ta nema ya ɗauka shi ne bai gane ba. Ki gaya musu su nemi awa ɗaya a shagon kwamfuta ko a wajen ɗan'uwa su gwada da linzami da allon bugu, domin a kan kwamfuta za a gwada su. Wanda ba shi da Excel, Google Sheets kyauta ne ga mai adireshin Gmail, kuma `SUM` da jerawa da tacewa duk suna nan, sai dai wurin dannawa ya ɗan bambanta. Na biyu, ki sa fayil ɗin gwaji da za su sauke. Amma don Allah kada ya zama ainihin littafin makarantarku. Ki ƙirƙiri sunaye da lambobi, kuma ki koma ki duba bidiyon ma, in sunayen yaran mutane da bashin iyayensu ne suka fito a allo, wannan ya fi maganar kalmomi girma, ki rufe wurin da `Blur` da ke cikin YouTube Studio tun kafin shugaban makaranta ya gani. Kada kuma ki rubuta `certificate` ko `certified` ko wani abu mai kama da alkawarin samun aiki. Akwai jarabawar shaida ta gaske, Microsoft Office Specialist, wadda ake biya a zauna a rubuta, kallon bidiyo ba ya zama madadinta.

Ɗan yayarki da kyakkyawar niyya ya yi, kuma dabarar da ya ba ki mutane da yawa har yanzu suna ganin tana aiki. Ki nuna masa wannan cikin ruwan sanyi. Dokokin YouTube sun hana cika bayani da tarin kalmomi marasa jimla don jawo masu nema, kuma sun hana take ko bayanin da ke sa mutum ya zaci zai ga abin da babu. Ana iya sauke bidiyo a kan haka. Ko ba a sauke ba, dabarar tana cin kanta: yaron mota ne ke kiran Tafo, Tafo, alhali motar Adum za ta, mutane su shiga su sauka a mahaɗar farko suna faɗa. Mai neman `Pivot Table` ya buɗe, ya ga ana koya yadda ake buga suna, ya fita cikin daƙiƙa 20. YouTube yana lura da tsawon lokacin da ake zama a kan bidiyo, kuma wanda ake gudu daga gare shi da wuri ba ya samun turawa gaba. Akwai wani gida daban mai suna `Tags`, na harafi 500. YouTube da kansa ya ce tasirinsa kaɗan ne, ya fi amfani ga kalmar da ake yawan kuskuren rubutawa. Can za ki zuba `exel` da `excell`, su tsaya can. Alamar `#` kuwa biyu ko uku sun wadatar, kamar `#Excel` da `#Hausa`.

Bayan kin gyara, ki ba shi makonni kafin ki yanke hukunci, sannan ki shiga `Analytics` a YouTube Studio ki duba abu biyu. Akwai zanen da ke nuna inda mutane ke barin bidiyon. Idan ya faɗi warwas a minti na farko, ko dai bayanin yana kiran waɗanda ba nasa ba har yanzu, ko gabatarwarki ta yi tsawo kafin a ga Excel a allo. Idan yana sauka a hankali da ɗan tudu a wani wuri, tudun nan wurin da mutane ke komawa su sake kallo ne, kuma shi ke gaya miki darasi na biyu a kan me zai kasance. Sannan akwai wurin da ke nuna ta ina masu kallo suka zo, kuma in kallo ya ɗan taru yana nuna kalmomin da suka buga. In kin ga suna zuwa da `excel hausa` ko `excel for beginners`, kin dace. Kada yawan masu kallo ya dame ki da yawa a yanzu. Darasin Hausa a kan aikin ofis, a farkonsa, ta WhatsApp zai fi yawo, daga ƙungiyar matasan masallaci zuwa ta tsofaffin ɗalibai zuwa ta waɗanda suka gama bautar ƙasa suna zaune a gida. Duk lokacin da za ki tura, ki haɗa da jimla biyun farko na bayanin a cikin saƙon, domin da yawa ba za su taɓa ganin bayanin YouTube ɗin ba.

Saura maƙwabciyarki. Ki gyara bayanin tukuna, sannan ki shiga gidan da kanki, kada ki aika. Ki gaishe da uwar, ki ce mata kalmomin nan ke kika rubuta su, yarinya ba ta da laifi, kin kuma cire su. Ba sai kin kawo sunan ɗan yayarki ba, tashar taki ce. Sannan ki nemi a ba ki yarinyar ranar Asabar biyu ko uku. Ki zaunar da ita gaban kwamfuta, ki ba ta takarda mai layi 30 da lambobin waya da kwanan wata, ki koma gefe ki yi shiru ki ga inda za ta tsaya. Ku gyara takardarta ta neman aiki tare, da layin `basic` ɗin can. Ki tambaye ta dalla-dalla me aka ce ta yi a Adum, wane irin fayil aka buɗe mata, minti nawa aka ba ta, domin ita yanzu ta ga gwajin gaske da idonta, kuma abin da za ta gaya miki zai nuna miki abin da ya kamata ki koyar nan gaba. In ke kanki kin iya `Pivot Table`, ki koya mata a Asabar ta ƙarshe da jadawalin kuɗin makaranta, jimlar kowane aji, sannan ta ƙara shi a takardarta bayan ta yi shi sau da dama ita kaɗai. In ba ki iya ba, ki faɗa mata haka, ku koya tare kafin ki ɗauki darasi na biyu.